Ya dace a ce wa masu kammala jami'a "mai haƙuri yakan dafa dutse"?

Malam_Sule_Hedimasta:
Assalamu alaikum. Ƙungiyar ɗaliban garinmu ta shirya walima domin 'ya'yanta da suka kammala jami'a, kuma an ba ni minti goma in yi musu nasiha a matsayina na tsohon malaminsu na firamare. Na yi niyyar gina jawabin a kan karin maganar nan da ke cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ga abin da na rubuta a farko: "Ya ku 'ya'yana, karatu ya ƙare, yanzu sai haƙuri. Aiki ba ya samuwa da wuri, saboda haka kowa ya jira lokacinsa, domin Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa." Da na karanta wa 'yata, wadda ita ma tana cikin waɗanda za a karrama, sai ta yi shiru, daga baya ta ce da ni, "Baba, wannan ita ce maganar da muka fi gajiya da ji." Abin ya tsaya mini a rai. Ina roƙon masana su faɗa mini ko ni ne na yi wa karin maganar mummunar fahimta, ko kuwa wurin ne bai dace da ita ba.

AbuHanifa_Gusau:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban ga aibin abin da ka rubuta ba. Yaran yanzu suna son su gama makaranta yau su hau mota gobe, kuma wannan gaggawar ce take jefa wasunsu cikin damfara da sauran hanyoyin banza. Idan dattijo bai faɗa musu su yi haƙuri ba, wa zai faɗa musu? A ganina ka bar jawabinka yadda yake.

Dr_Binta_Adabi:
Malam Sule, Allah ya ƙara girma. Karin maganar da ka zaɓa ta dace da taron, amma jimlolin da ka ɗora ta a kansu sun saɓa mata, kuma ina jin abin da kunnen 'yarka ya kama ke nan. Ka duba kalmar aikin da ke cikinta. Ba a ce mai haƙuri yakan jira dutse ya nuna ba, an ce yakan dafa shi. Wanda yake dahuwa ya nemo itace, ya ɗebo ruwa, ya hura wuta, yana iza ta, yana ƙara ruwa duk lokacin da ya ƙone, kuma yana yin haka ne a kan abin da kowa ya gaya masa ba zai dahu ba. Saboda haka haƙurin da ke cikin wannan magana shi ne wanda muke kira naci ko juriya a kan aiki. Kai kuwa ka gabatar da ita da "kowa ya jira lokacinsa", ka sa mai dahuwa ya koma mai zaman jira.

Matsala ta biyu tana cikin kalmar haƙuri kanta, domin kalma ɗaya ce mai ɗauke da kaya da yawa. Idan aka yi rasuwa muna cewa sai haƙuri, wato a karɓi abin da ba a iya sauyawa. Idan na taka ƙafarka ina cewa yi haƙuri, wato ina neman afuwa. Idan mabaraci ya tsaya a ƙofa aka ce masa ya yi haƙuri, ya san an sallame shi ne babu komai. Mafi haɗari ga jawabinka shi ne aikatau ɗin da ya fito daga tushe ɗaya da ita: idan aka ce wane ya haƙura da karatu, ma'anarsa ya bari, ya fid da rai. To, ka fara da "yanzu sai haƙuri", wadda ita ce lafazin zaman makoki. Kafin ka iso kan dutse da romo, yaran sun riga sun ji cewa ana yi musu ta'aziyyar takardunsu ne.

Injiniya_Nura:
Ina cikin waɗanda suka gama ba da jimawa ba, kuma ina goyon bayan Dakta Binta da dukkan girmamawa ga Malam Abu Hanifa. Baba Malam Sule, waɗanda za ka tsaya a gabansu ba baƙin haƙuri ba ne. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 kuma ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga kullen korona da ya haɗu da na farkon. Da yawa sun shiga karatun shekara huɗu sun fita bayan shekara shida. Akwai abokina da wannan jinkirin ya sa ya haura shekara 30 kafin ya kammala, sai takardar ɗauke nauyi ya samu maimakon ya tafi hidimar ƙasa tare da mu. Ni kaina na kai takarduna wurare da dama, kuma a kowace ƙofa amsa ɗaya ce, wato in yi haƙuri babu gurbi. Idan mutum ya ji kalma sau ashirin a bakin masu sallamarsa, ba zai ji ta da wata ma'ana ba ranar walima sai an nuna masa bambancin a fili.

Ummu_Sadiq:
Gaskiya haƙuri shi ne komai, musamman ga 'yan matan da ke cikinsu, domin yawancinsu gidan miji za su nufa. Ni shekarata ashirin da biyu da aure, kuma ba don haƙuri ba da ban kai yau ba. Malam ya ja hankalinsu sosai a kan zama da miji da dangin miji, ya kawo musu "haƙuri maganin zaman duniya".

Dr_Binta_Adabi:
Hajiya Ummu Sadiq, Allah ya ƙara danƙon zumunci, amma taron na kammala karatu ne, kuma 'yan matan sun zo ne da shaidar digiri kamar 'yan'uwansu maza. Sai dai shawararki ta fito da wani abu mai amfani. "Haƙuri maganin zaman duniya" magana ce ta zama da mutane, wato danne fushi da kau da kai, shi ya sa ake yawan jin ta wajen sulhu da nasihar aure. "Mahaƙurci mawadaci" tana kallon ƙarshen al'amari ne kawai, ba ta faɗi abin da mutum zai yi kafin wadatar ta zo ba. "Komai nisan dare gari zai waye" ta lallashi ce, domin gari yana wayewa ko mutum ya yi aiki ko ya yi barci. A cikinsu duka, ta dafa dutse ce kaɗai take da aiki a cikinta, don haka nake ganin Malam ya yi zaɓi mai kyau.

Ɗan_Damagaram:
A wajenmu, kamar yadda ake yi a Sakkwato da Katsina, hanƙuri muke cewa, kuma abin da na tashi ina ji a bakin tsofaffi shi ne mai hanƙuri shi ka dafa dutse. Ina ganin wannan siga ta fi ƙarfi a gaban jama'a. Idan aka ce "yakan dafa", an ba da labarin abin da ya saba faruwa ne. Idan kuwa aka ce "shi ke dafa dutse", an keɓe shi, an ce ba mai ƙarfi ba, ba mai wayo ba, ba ɗan gata ba, shi ɗin ne. Ga yaran da suke ganin sai mai uwa a gindin murhu yake samun aiki, wannan keɓewar tana da nauyi. Na kuma taɓa jin wani malami yana cewa asalin maganar daga ƙissar Sayyidina Umar ne, lokacin da ya tarar da wata mata da dare ta ɗora tukunya da duwatsu a wuta tana lallashin 'ya'yanta masu jin yunwa. Malam zai iya buɗe jawabin da wannan ƙissa.

Alaramma_Tukur:
Ɗan'uwa na Damagaram, bayaninka a kan "shi ke" ya yi kyau ƙwarai, amma ina ba da shawarar kada a haɗa karin maganar da wannan ƙissa. Kamancen tukunya da wuta ba hujja ba ne cewa ɗaya ta fito daga ɗaya. Bayan haka, darasin ƙissar ya bambanta. Matar ba ta sa ran abin da ke cikin tukunyar zai zama abinci ba, tana so ne yaran su yi barci. Abin da ya kawo ƙarshen yunwarsu shi ne Halifa ya koma taskar Musulmi ya ɗauko gari da kitse a bayansa ya kawo. Ƙissa ce da ake karanta wa shugabanni domin su san nauyin da ke kansu. Idan Malam ya kawo ta a gaban matasan da ke neman aiki, mai hankali a cikinsu zai ce ashe tukunyar da ake ce mana mu dafa ta lallashi ce.

Abin da zai fi taimaka masa daga ɓangaren addini shi ne rabon da malamai suka yi wa haƙuri gida uku: haƙuri a kan yin ɗa'a, haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan abin da aka ƙaddara mai ɗaci. Mutanenmu sun fi riƙe na ukun har suka manta biyun farko, alhali na farkon aiki ne tsantsa, kamar tashi sallar asuba cikin sanyin hunturu kowace rana. Na biyun kuma shi ne amsar damuwar Malam Abu Hanifa, domin matashin da aka nuna masa hanyar kuɗin haram ya ƙi, haƙuri ya yi. A Suratul Asri ma, yi wa juna wasiyya da haƙuri ya zo ne bayan imani da aiki nagari da wasiyya da gaskiya, bai zo shi kaɗai ba.

AbuHanifa_Gusau:
Na karɓi gyaran Alaramma. Amma har yanzu ina ganin ana ɗora wa karin magana nauyin da ba ta ɗauka ba. Kakanninmu ba su zauna suna ƙirga itace da ruwa ba. Sun kawo abin da ba ya yiwuwa ne domin su kambama darajar haƙuri, kamar yadda ake kambamawa a kirari. Dutse ba ya dahuwa, kowa ya san haka.

Hajiya_Mai_Farfesu:
Ni ba malama ba ce, sana'ata sayar da abinci, amma ina da abin faɗa a kan wannan, domin da tukunya nake kwana nake tashi. Malam Abu Hanifa ya ce dutse ba ya dahuwa, kuma gaskiya ne. To, ku lura ba a ce ya ci dutsen ba, an ce ya sha romonsa. Mu da muke dafa ƙafar saniya da ganda mun san wannan. Ina ɗora ƙafar saniya a kan itace tun bayan sallar asuba, ba ta yin yadda nake so sai wajen azahar, kuma ƙashin da ke ciki yadda ya shiga haka yake fita, amma duk daɗin yana cikin ruwan. Ɗana ya karanta aikin gona, ya yi shekara uku yana bin aikin gwamnati bai samu ba. A cikin shekarun nan yana taimaka wa wani mai gidan kaji ba tare da wani albashin kirki ba, ya koyi haɗa abincinsu da lokutan rigakafinsu, ya san masu sayen ƙwai. Yau yana da kaji ɗari uku nasa. Aikin da ya nema har yanzu dutse ne, bai yi laushi ba, amma romon ya sha.

Sai dai Malam ya gaya musu cewa mai dahuwa ba ya ɗora tukunya ya tafi. Yana buɗewa yana dubawa. Idan ruwa ya ƙone ba a ƙara ba, tukunyar ce take lalacewa. Kuma mace mai haƙuri ba ta ƙin jefa 'yar kanwa a wake don ya yi saurin nuna, wannan ba gaggawa ba ce, sanin aiki ne.

Dr_Binta_Adabi:
Hajiya, wannan karatu naki na romo ya fi abin da na rubuta a sama. Zan faɗi gaskiya cewa yawancin masu amfani da karin maganar suna nufin abin da Malam Abu Hanifa ya ce ne, wato mai haƙuri yana cim ma abin da ake ganin ba zai yiwu ba, kuma "har ya sha romonsa" ƙari ne a kan kambamawar. Amma karin magana ba aya ba ce da za a ce fassara ɗaya gare ta, mai magana yana da damar ya juya ta ta fuskar da kalmominta suka yarda, muddin bai karya su ba. Fassarar Hajiya ba ta karya komai ba. Fassarar "ku zauna ku jira" ita ce ta karya kalmar dafa.

Sani_Lauya:
Akwai abin da ba a taɓo ba, wato bakin da maganar take fitowa. Karin maganar haƙuri daga babba take gangarowa zuwa ƙarami, kuma tana da daɗin ji idan mai faɗar ya taɓa dafa nasa dutsen. Idan kuwa wanda yake riƙe da abin da ake jira ne ya faɗe ta, kamar mai riƙe da albashin ma'aikata ko mai raba guraben aiki, to ta zama abin toshe baki. Hausawan da suka yabi haƙuri su ne kuma suka ce haƙurin kaya sai jaki, suka ce tura ta kai bango. Malam Sule tsohon malamin makaranta ne, ba ya riƙe da haƙƙin kowa, don haka bakinsa ya dace. Amma a irin wannan walima akan gayyaci masu riƙe da muƙamai su zauna a babban teburi. Ina ba shi shawara ya sa jimla ɗaya da za ta nuna cewa haƙurin da yake nufi bai haɗa da yin shiru a kan haƙƙi ba, don kada a ɗauka da yawunsu yake magana.

Malam_Sule_Hedimasta:
Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sake rubutawa kamar haka, ina neman a duba mini: "Ya ku 'ya'yana, ba zan koya muku haƙuri ba, domin kun shiga karatun shekara huɗu kun yi shida, aka rufe makaranta kuka koma, aka sake rufewa kuka sake komawa. Hausawa sun ce mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa, kuma takardar da ke hannunku romo ce. Yanzu za ku ɗora wata tukunyar. Ku lura, cewa aka yi ya dafa, ba a ce ya zauna yana kallo ba." Daga nan sai in ba su labarin yadda na yi shekara bakwai ina koyarwa a wani ƙauye da ba shi da hanyar mota, ina karatun ƙarin ilimi a lokacin hutu, kafin a mai da ni gari. Ina kuma tunanin in rufe da "a juri zuwa rafi" da "sannu ba ta hana zuwa" da "zomo ba ya kamuwa daga zaune".

Dr_Binta_Adabi:
Wannan ya yi, Malam, domin ka fara da shaida musu abin da suka riga suka yi kafin ka nemi wani abu a wurinsu. Gyarana biyu ne. Na farko, ka cire "a juri zuwa rafi". Mutane suna faɗar rabinta da nufin ƙarfafa gwiwa, amma da yawa sun san ta da ƙarashen cewa wata rana tulu zai fashe, kuma ba ka son wani ya ƙarasa maka ita daga bayan rumfa. Haka ma "sannu ba ta hana zuwa" tana da wutsiyarta, wato sai dai a daɗe ba a je ba, kuma waɗannan yara sun riga sun daɗe. Na biyu, minti goma ba ya ɗaukar karin magana huɗu. Idan aka jero su, kowace tana rage wa 'yar'uwarta ƙarfi, sai jawabin ya koma kamar gasar makaranta. Ka riƙe ta dutse, in ka ga dole ka ƙara ta zomo sau ɗaya a wurin da kake maganar neman sana'a. Wajen faɗa kuma, ka ce "mai haƙuri shi ke dafa dutse", ka ɗan tsaya, za ka ji iyayen da ke wurin sun ƙarasa maka da kansu, kuma abin da jama'a suka ƙarasa da bakinsu ya fi zama a zuciya.

Injiniya_Nura:
Baba, sabon rubutun ya ratsa ni, kuma da shi aka faɗa mana a lokacinmu da na riƙe shi. Amma ina da tambayar da nake ganin wani zai yi maka bayan taro. Yaushe mutum zai gane cewa dutsen da yake dafawa ba zai ba da ko romo ba, ya sauke ya ɗora wani abu? Ina da abokan da suka shekara biyar suna jiran aiki iri ɗaya tak, suna kiran abin haƙuri.

Hajiya_Mai_Farfesu:
Ɗana Nura, a wurinmu ɗanɗanawa ake yi. Idan shekara ta zagayo mutum ya duba bai ƙaru da wata ƙwarewa ba, bai san wani sabon mutum a harkar ba, bai ajiye ko sisi ba, to ruwan tukunyarsa fari ne, itace kawai yake ƙonawa. Wanda yake jira a ɗaki ba ya cikin masu dahuwa tun farko.

Alaramma_Tukur:
Ma'aunin Hajiya yana da amfani, amma ina tsoron a ba matasa shi a matsayin doka. Akwai ayyukan da shekara ɗaya ba ta nuna komai a cikinsu. Mai haddar Alƙur'ani yakan yi shekaru yana wanke allo yana sake rubutawa kafin a ga abin da ya tara, haka mai koyon aikin likita. Idan aka ce kowa ya sauke tukunya bayan shekara, za a sauke wasu ana gab da nuna. Ni da zan ba Malam shawara, kada ya yanka musu wa'adi a jawabin, ya ce dai kowa ya sami babba a fanninsa da zai riƙa duba masa tukunyar.

AbuHanifa_Gusau:
Ni dai ina nan a kan cewa jimlar Lauya ta maganar haƙƙi ba ta da wuri a walimar farin ciki, kuma za ta iya sa manyan baƙi su ji an yi da su. Sauran gyare-gyaren na yarda da su.

Malam_Sule_Hedimasta:
Na cire ta rafi da ta sannu, na bar ta zomo a wuri ɗaya. Maganar wa'adi zan bi shawarar Alaramma, amma zan kawo misalin ƙafar saniya da kanwa idan Hajiya ta yarda, ba tare da na ambaci kowa ba. Jimlar Lauya kuwa na rubuta ta da fensir a gefen takarda, ban yanke hukunci ba tukuna. Zan sake karanta wa 'yata da daddare in ji abin da za ta ce, walimar kuma ranar Asabar ce bayan la'asar.